Layi Takwas Tsakanin Tanki da Sumo

Shirin yau na buƙatar takarda da biro, don haka wanda ke kusa da su ya jawo. Wanda kuma ke kan babur ko yake tsakiyar ciniki a kasuwar Sara, ya bari sai ya natsu, yanzu dai ya ba mu aron kunne.

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato, ɗaliban da ke karatun kwamfuta a Birnin Kudu da Gwaram sukan ci karo da wata tambaya mai zane. Za a zana wasu 'yan siffofi da wayoyi na shiga suna fita, a sa musu A da B da C, sannan a ce a cika jadawalin gaskiya. Da yawa daga cikin yaranmu sun haddace jadawalin ƙofa ɗaya ɗaya tsaf. Amma da zarar an haɗa ƙofa uku a zane guda, sai ka ga yaro ya ƙura wa zanen ido, yana so ya hango amsa gaba ɗaya. Ni a ganina nan ne ake faɗuwa. Wannan tambaya ba a hango ta. Bin ta ake yi layi bayan layi, kuma abin da ake nema sau da yawa yana ɓoye ne a layin da mutum ya ga kamar ba sai ya duba ba.

Bari mu ɗauki abin da kowa ya sani a wannan yanki, wato rijiyar burtsatse mai tanki a sama. Daga Babaldu zuwa Sundimina, daga Basirka zuwa Fagam, da wuya ka rasa irinta a masallaci ko makaranta ko ƙaramin asibiti. A ƙasa akwai sumo, injin da ke cikin rijiyar yana tura ruwa. A sama akwai tanki. A ce tamu tana iya aiki da sola, tana kuma iya aiki da wutar Nepa. Muna so mu haɗa 'yar na'ura da za ta riƙa kunna sumo da kashe shi ba tare da an aiki yaro ya hau tsani ya leƙa ba.

Na'urar nan tambaya uku kawai take yi, kuma kowace amsarta i ce ko a'a. Tanki ya cika? Wannan mu kira shi A. Akwai rana isasshiya a kan sola? Wannan B. Akwai wutar Nepa? Wannan C. Idan amsar i ce, mu rubuta 1. Idan a'a ce, mu rubuta 0. Shi kuma sumo mu kira shi Q: 1 yana aiki, 0 yana kashe. Ku rubuta wannan a saman takarda kafin komai, domin wanda ya manta ko A na nufin “ya cika” ko “babu ruwa”, duk lissafinsa zai fito a juye, ko da bai yi kuskure ko ɗaya a hanya ba.

Ƙa'idar da muke so a bi ita ce: sumo ya tashi idan tanki bai cika ba, kuma akwai rana ko akwai wutar Nepa. A cikin wannan jimla akwai ƙofofi uku. “Bai cika ba” ita ce ƙofar NOT, mai juya abin da aka ba ta: 1 ya koma 0, 0 ya koma 1. “Kuma” ita ce ƙofar AND, wadda ba ta ba da 1 sai duk abin da ya shige ta 1 ne, kamar makunni biyu a jere kan waya ɗaya, sai an danna duka fitila ta kama. “Ko” ita ce ƙofar OR, wadda 1 guda ya ishe ta. A nan sai a kula. Idan mai shayi ya ce maka Lipton ko Bonbita, ɗaya yake nufin ka zaɓa. Ƙofar OR ba haka take ba: idan duka biyun 1 ne, ita ma 1 take bayarwa. Ga rana ga Nepa, ai wuta ta samu. Mai cewa lallai sai ɗaya kaɗai wata ƙofa ce daban, XOR, kuma yau ba mu da aiki da ita.

A rubuce, ƙa'idarmu haka take:

```
Q = (NOT A) AND (B OR C)
```

Ku lura da baka biyun nan, za mu dawo kansu.

Layi nawa jadawalin zai ci? Kowace tambaya tana da amsa biyu. Tambaya ɗaya, layi 2. Tambaya biyu, layi 4. Uku, layi 8. Duk ƙarin tambaya guda ninka layukan yake yi. Ɗalibin da ya kawo layi shida ko bakwai a tambaya mai A da B da C, tun kafin a duba amsarsa an san ya bar wani abu a baya.

Akwai dabarar jera layukan yadda ba za a tsallake ko ɗaya ba, ba kuma za a maimaita ba. Ku ja gida shida daga sama zuwa ƙasa. A gidan farko, na A, ku rubuta sifili huɗu, sannan ɗaya huɗu. A gida na biyu, na B, sifili biyu, ɗaya biyu, sifili biyu, ɗaya biyu. A na uku, na C, sifili, ɗaya, sifili, ɗaya, har ƙasa. Idan kun yi daidai, layin farko 0, 0, 0 ne, na ƙarshe kuma 1, 1, 1. Gida na huɗu na NOT A ne, na biyar na B OR C, na shida na Q. Waɗannan gidaje biyu na tsakiya su ne yara ke ƙyashin ja, wai ɓata lokaci ne. Alhali su ne aikin. Kowace ƙofa a zane tana da gidanta a jadawali, kuma wanda ya ja su ba ya taɓa yin lissafin fiye da ƙofa ɗaya a lokaci guda.

To, bismillah. Layi na ɗaya: 0, 0, 0. Tanki bai cika ba, babu rana, babu Nepa. Dare ne ke nan, an ɗauke wuta. NOT A ya zama 1, tunda A sifili ne. B OR C sifili ne, domin babu ko ɗaya. Yanzu ƙofar AND ta karɓi 1 da 0, sai ta ba da 0. Ana buƙatar ruwa, amma babu abin da zai juya injin.

Layi na biyu: 0, 0, 1. Daren ne dai, amma an kawo wuta. NOT A har yanzu 1. B OR C ya zama 1 saboda C. AND ta karɓi 1 da 1, Q ya zama 1. Sumo ya tashi.

Layi na uku: 0, 1, 0. Rana ta take, babu Nepa. NOT A 1, B OR C 1, Q 1. Wannan shi ne layin da yawancin rijiyoyinmu ke wuni a kai.

Layi na huɗu: 0, 1, 1. Ga rana ga Nepa. Nan ne mai tunanin shayi zai rubuta sifili a gida na biyar ya yi asarar maki. B OR C 1 ne, NOT A 1 ne, Q 1.

Daga layi na biyar zuwa na takwas A ya koma 1, tanki ya cika. NOT A sifili ne a dukkansu. Ƙofar AND kuwa da zarar sifili ɗaya ya shige ta, magana ta ƙare, ko me ɗaya ƙafar ta kawo. Duk da haka ku cika gida na biyar: 0, 1, 1, 1. Q kuma 0, 0, 0, 0. Idan kuka karanta gidan Q daga sama zuwa ƙasa, abin da ya kamata ku gani shi ne 0, 1, 1, 1, 0, 0, 0, 0. Layi uku cikin takwas ne kawai sumo ke aiki.

Wani zai ce, to ai wannan ko ba jadawali hankali ma ya ba da shi. Haka ne, tunda mu muka tsara ƙa'idar kuma muka bi ta daidai. Amfanin jadawalin yana fitowa ne ranar da wani ya haɗa wayoyin ba yadda aka ce ba.

A ce mai haɗa na'urar ya ji jimlar nan da kunne, “tanki bai cika ba kuma akwai rana ko akwai Nepa”, sai ya sa bakarsa a wani wuri. Ya fara haɗa NOT A da B a ƙofar AND, sannan abin da ya fito ya haɗa shi da C a ƙofar OR. Ƙofofin nan uku dai ne, wayoyin ma adadinsu ɗaya:

```
Q = ((NOT A) AND B) OR C
```

Ku ja sabon jadawali a gefe, mu bi shi. Layi na ɗaya: NOT A 1, B sifili, AND ta ba da 0, C ma sifili, Q 0. Daidai da na farko. Layi na biyu: AND ta ba da 0, amma C 1 ne, Q 1. Daidai. Na uku: NOT A 1, B 1, AND ta ba da 1, Q 1. Daidai. Na huɗu ma 1. Layi na biyar, tanki ya cika, babu rana babu wuta, Q 0. Har yanzu babu bambanci ko kaɗan. Layi biyar a jere, na'urar kirki da gurguwa suna ba da amsa iri ɗaya. Wanda ya gaji a nan ya ce ai shi ke nan, ya sa hannu a kan aikin banza.

Layi na shida: 1, 0, 1. Tanki ya cika, dare ne, an kawo wuta. NOT A sifili, AND ta ba da 0. Amma ƙofar ƙarshe yanzu OR ce, kuma C ya shige ta kai tsaye da 1. Q ya zama 1. Sumo na aiki alhali tanki a cike yake. Layi na bakwai, 1, 1, 0, ya ba da 0, lafiya lau. Layi na takwas, 1, 1, 1, ya sake ba da 1. Wato gidan Q na wannan haɗi shi ne 0, 1, 1, 1, 0, 1, 0, 1. Bambancin a layi biyu ne rak, na shida da na takwas, kuma dukkansu sai an haɗu da abu biyu a lokaci guda: tanki a cike, ga kuma wutar Nepa.

Yanzu ku auna wannan da yadda ake gwada aiki a wurinmu. Mai gyara ya zo da hantsi, ya haɗa, ana kan sola. Ya ɗaga fulot da hannu, wato makunnin nan mai yawo a kan ruwan tanki, sumo ya tsaya. Ya saki, sumo ya tashi. Kowa ya ce madalla, aka biya shi ya hau babur. Abin da ya gwada layi na uku ne da na bakwai, kuma a duka biyun haɗin kuskuren ba shi da laifi. A ƙauyen da wuta ba ta cika zuwa ba, ana iya daɗewa ba a ga komai ba. Sai wani dare a kawo wuta ƙarfe biyu, a wayi gari ruwa ya malale gindin tanki ya yi taɓo har bakin hanya, injin ya kwana yana aiki. Sai a ɗora laifin a kan fulot, a sayo sabo, matsalar na nan daram. Fulot ɗin ya faɗi gaskiya. Ƙofar ƙarshe ce ba ta sauraronsa idan C ya zo da 1.

Wannan hanya ta mayar da magana lissafi ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. George Boole, ɗan wani mai ɗinkin takalmi a garin Lincoln na Ingila, wanda ya zama farfesan lissafi a Cork ta ƙasar Ireland, shi ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1854. Shi tunanin ɗan Adam yake nazari, babu ruwansa da waya. Sai a 1937 wani ɗalibi mai shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki irin na musayar tarho suna bin wannan lissafi sak: a jere su ba da AND, a kafaɗa da kafaɗa su ba da OR. Tun daga nan mai zanen na'ura ya samu damar gwada aikinsa a takarda kafin ya yanki waya.

Jadawalin yana da wani aiki na biyu, kuma shi ne tambayar da ta fi ba ɗalibai tsoro: a ba ka zane biyu da ba su yi kama ba, a ce ka nuna ko aikinsu ɗaya ne. Mu gwada da rijiyarmu. Idan za ka haɗa ƙa'idar farko da ayisi na gaske, irin 'yan baƙaƙen nan masu ƙafa 14, sai ka sayi uku: 7404 don NOT, 7432 don OR, 7408 don AND. Amma akwai wata ƙofa, NOR, wadda OR ce da aka juya amsarta: tana ba da 1 ne kawai idan duk abin da ya shige ta sifili ne. Ga wani haɗi da NOR biyu kacal. Ta farko ta karɓi B da C, abin da ta fitar mu kira shi X. Ta biyu ta karɓi A da X, ta fitar da Q.

```
X = B NOR C
Q = A NOR X
```

Da ido, babu mai cewa wannan da na farko abu ɗaya ne. Babu NOT, babu AND. To mu bi layi. Gidan X tukuna: yana zama 1 ne kawai inda B da C duka sifili ne, wato layi na ɗaya da na biyar. Saura duk sifili. X ke nan yana nufin “babu wuta ko ta wace hanya”. Sai Q, wanda ke zama 1 kawai inda A sifili ne kuma X sifili ne. Layi na ɗaya: A 0, X 1, Q 0. Na biyu: A 0, X 0, Q 1. Na uku haka, na huɗu haka. Daga na biyar zuwa ƙasa A 1 ne, don haka Q sifili ne har ƙarshe. Ku karanta: 0, 1, 1, 1, 0, 0, 0, 0. Shi ne na farko, layi da layi, babu inda suka saɓa.

Hujjar ke nan, kuma cikakkiya ce, domin layi takwas ɗin nan su ne duk halin da A da B da C za su iya shiga. Babu na tara. A aji za a gaya muku sunan dokar da ke bayan wannan, dokar De Morgan, kuma yana da kyau a san ta. Amma ɗalibin da ya manta dokar a ɗakin jarrabawa bai rasa komai ba in dai ya iya jan gidaje. Ta fuskar aljihu kuma, ayisi ɗaya mai lamba 7402 yana ɗauke da NOR huɗu, ka ga uku sun koma ɗaya, har da rarar ƙofa biyu. Kada a raina NOR: kwamfutar da ta yi wa kumbon Apollo jagora zuwa duniyar wata a 1969 da ƙofofin NOR aka gina lissafinta.

Ga masu son gwadawa da hannu a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ko a teburin mai gyaran rediyo, akwai tarko guda a 7402. A 7408 da 7432, ƙafa ta 1 da ta 2 su ne mashiga, ta 3 mafita. A 7402 abin a juye yake: ƙafa ta 1 ce mafita, ta 2 da ta 3 mashiga. Wanda ya cire wancan ya dasa wannan a gurbinsa ba tare da ya sauya wayoyi ba, zai ga abin mamaki. Ƙafa ta 7 dai ta ƙasa ce, ta 14 kuma ta wuta, bolt 5. Sannan ayisin ba shi ne zai ja sumo da kansa ba, ƙarfinsa bai wuce ya kunna ɗan ƙwan fitila ba. Sai an bi ta taransista da rile kafin a kai ga injin, kuma wannan ɓangare na mai aikin wuta ne, ba na ɗalibi ba.

A kan takarda 1 da 0 a rarrabe suke. A kan waya kuwa awon wuta ne. Ga tsofaffin ayisi na dangin 7400, abin da bai wuce bolt 0.8 ba shi ne sifili, bolt 2 zuwa sama shi ne ɗaya. Abin da ke tsakani ba a yi alkawarin komai a kansa ba. Akwai kuma hali mai ruɗa sabon shiga: ƙafar da aka bari a sake, ba a haɗa ta da komai ba, ba sifili ba ce. A waɗannan tsofaffin ayisi, ƙafa a sake 1 take karantawa. A sababbin, masu HC a tsakiyar lambarsu, ba ta da tsayayyen hali, kusantar da yatsa ma na iya sauya ta, shi ya sa ake ɗaure ta da razista zuwa ƙasa ko zuwa wuta.

Wannan ya kawo mu ga yadda jadawali ke kama ɓarna. A ce na'urar tana da tsohon ayisi, ta yi wata da watanni tana aiki, sai wayar da ta taso daga fulot ta tsinke, ko rana ta cinye ta ko ɓera. A ya maƙale a 1. Me za a gani? Layi na biyu da na uku da na huɗu, waɗanda ya kamata su ba da 1, duk sun koma sifili. Sumo ya ƙi tashi sam, tanki ya bushe. Abin haushi ne, amma cikin yini za a gane. Yanzu a ce wayar B ce ta tsinke. Na'urar na ganin kullum akwai rana. Ku bi layukan: na biyu, na uku, na huɗu ba su sauya ba. Daga na biyar zuwa na takwas ba su sauya ba. Layi na ɗaya ne kaɗai ya juya daga 0 zuwa 1. Ɓarna ɗaya, layi ɗaya cikin takwas. Waya idan ta tsinke tana barin sawu a gidan Q, kuma mai gyaran da ya sa makunni uku a madadin A da B da C, ya bi layi takwas ɗin da mita a hannu, zai san inda zai dosa kafin ya taɓa komai. Idan Q ya saɓa a wani layi, sai ya tsaya a wannan layi ya auna X. In X daidai yake da takarda, laifin na gaba ne. In ya saɓa, laifin na baya ne. Gidajen tsakiyar nan da ɗalibi ke ƙyashin ja, su ne wuraren da ake ɗora bakin mita.

Saura iyakar jadawalin, domin yana da iyaka, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da tanki mai fulot ɗaya ya ji ta da kunnensa. Tanki ya cika, sumo ya tsaya. Wata ta zo ta tari bokiti ɗaya, ruwa ya sauka kaɗan, A ya koma sifili, sumo ya tashi. Bayan ɗan lokaci ya cika, ya tsaya. Wani bokitin, ya sake tashi. Da yamma lokacin da layin jarkoki ya yi tsawo, sai ka ji rile na ta ƙwas, ƙwas. Jadawalinmu bai yi ƙarya ba, kowane layi ana bin sa daidai. Amma yawan tashi da tsayawa na gajiyar da inji, domin a lokacin tashi ne ya fi jan wuta.

Abin da ake so shi ne a bar ruwa ya sauka sosai kafin a kunna, in an kunna kuma a bari sai ya cika. Wato ma'auni biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. To ga inda gizo ke saƙar: idan ruwa na tsakiya, ya wuce na ƙasa bai kai na sama ba, sumo ya yi aiki ko ya tsaya? Amsar ita ce ya danganta. In cikowa ake yi, ya ci gaba. In sauka ake yi, ya yi zamansa. Mashiga iri ɗaya, amsa biyu. Jadawali irin wanda muka ja ba zai iya ɗaukar wannan ba, domin shi abin da ke faruwa yanzu kawai ya sani. Sai an ƙara masa gida na abin da na'urar take a kai kafin yanzu. Rarar NOR biyun nan da suka saura a 7402 su ne maganin. Idan aka mayar da mafitar kowace ta zama mashigar 'yar'uwarta, sai su riƙe amsar ƙarshe da aka ba su: ma'aunin sama ya sa su a “ya cika”, su zauna a haka har sai na ƙasa ya ce ruwa ya sauka. Abin da suka riƙe shi zai zama sabon A. Daga wannan haɗi ake fara darasin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma shi na wani shirin ne.

Ga aikin gida. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta dutse ce, kuma rijiyar da aka haƙa a irin wannan wuri takan ja baya da bazara. Sumo idan ya yi aiki babu ruwa ƙonewa yake, tunda ruwan ne ke sanyaya shi. Don haka ku ƙara tambaya ta huɗu, D: akwai ruwa a rijiya? 1 akwai, 0 babu. Sumo kada ya tashi sai D 1 ne. Layukan sun zama 16: gidan A sifili takwas, ɗaya takwas, gidan B huɗu huɗu, gidan C biyu biyu, gidan D ɗaya ɗaya. Ku rubuta ƙa'idar da bakarta, ku ja gidan kowace ƙofa, ku ƙirga layin da Q ya zama 1. In kun samu fiye da uku, ku koma ku duba inda kuka sa D: a ƙofar AND ya shiga, ko ya zame cikin bakar OR tare da B da C?

Sai mun haɗu a shiri na gaba, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.